Yadda ake rubuta Hausar da za ta hau bakin ƴan zane a fim ɗin yara

Wanda aka ba aikin rubuta Hausar da za a ɗora wa fim ɗin zane na yara yakan karɓi abu biyu, wato fim ɗin kansa da takardar maganganun da ke cikinsa, wadda a nan Nijar galibi da Faransanci take zuwa. Abin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne a zauna da takardar a fassara ta layi bayan layi, sannan a tafi situdiyo a ga yadda za ta shiga. Wannan hanya ce take jawo abin da kowa ya saba gani a talabijin: zomo ya rufe baki ya juya ya tafi amma muryarsa tana ci gaba da zuba, ko kuma mai murya ya riƙa gudu da magana har yaron da ke kallo ya kasa kama abin da aka ce. Gyaran yana farawa ne daga sauya tsarin aikin. Takarda ma'ana kaɗai take bayarwa, amma tsawon magana da wuraren da leɓe zai haɗu da inda za a ja numfashi duk hoton ne yake yanke su, don haka sai an auna hoton kafin a rubuta kalmar Hausa ko ɗaya.

Shirya fim ɗin aiki

Abin farko shi ne a san hoto nawa fim ɗin yake nunawa a cikin sakan ɗaya. Fim ɗin silima hoto 24 yake yi, talabijin ɗinmu kuwa 25, kuma wannan ɗan bambanci ba abin rainawa ba ne, domin fim ɗin minti ɗaya da aka yi a kan 24, idan aka kunna shi a kan 25, zai ƙare a sakan 57.6. Wanda ya auna rubutunsa da kwafi ɗaya alhali situdiyo tana aiki da ɗaya kwafin, kafin a kai minti goma ya yi nesa da baki da sakan 24. Ana duba adadin da wannan umurni na manhajar ffprobe:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=r_frame_rate -of csv=p=0 fim.mp4
```

Bayan an tabbatar da mai haɗa sauti cewa kwafi ɗaya ake riƙe da shi, sai a buga wa kwafin aiki agogo a kusurwa, wanda yake nuna awa da minti da sakan da lambar hoto, domin kowa ya riƙa faɗin wuri da lamba maimakon "wajen da ya ɗaga hannu". Ana yin haka da manhajar ffmpeg, kuma idan kwafin mai hoto 24 ne sai a mayar da rate=25 zuwa rate=24.

```
ffmpeg -i fim.mp4 -vf "drawtext=timecode='00\:00\:00\:00':rate=25:fontsize=36:fontcolor=white:x=20:y=20" -c:a copy fim_aiki.mp4
```

Daga nan ana buƙatar manhajar da za ta bar mutum ya bi fim hoto ɗaya bayan ɗaya. A VLC maɓallin E yana yin haka zuwa gaba, Aegisub kuma, wadda kyauta ce, tana zuwa gaba da baya, tana nuna zanen sautin a sama, ga wurin rubuta layi tare da lokacin shigarsa da na fitarsa. Yana da kyau kuma tun a wannan mataki a nemi masu fim ɗin, tare da izininsu, su bayar da sautin kiɗa da na motsi wanda babu murya a cikinsa, domin a kansa za a ɗora Hausar.

Rubuta abin da baki yake yi

Yanzu sai a kashe sauti gaba ɗaya a kalli baki. Masu ɗora murya a Faransa sun daɗe da ware wannan a matsayin aiki mai zaman kansa, inda wani yake bin fim yana sa alama a duk inda leɓe ya haɗu ko baki ya buɗe kafin a miƙa wa mai rubutu. Mu a nan mutum ɗaya ne yakan yi duka, amma dai a yi su ɗaya bayan ɗaya.

Alama huɗu sun wadatar. A sa R inda leɓuna suka haɗu a cikin magana, B inda baki ya buɗe sosai, Z inda aka zumɓura leɓe kamar mai cewa "u" ko "o", sai W inda aka washe baki kamar mai cewa "i" ko "e". A ƙara da rubuta inda magana ta fara, inda ta tsaya don numfashi, inda ta ƙare, da kuma duk lokacin da bakin ba ya ganuwa, ko don mai maganar ya juya baya, ko yana nesa, ko an nuna fuskar wani. Waɗannan wuraren da baki ya ɓuya su ne arzikin mai rubutu, domin a nan ne Hausa take samun filin miƙe ƙafa.

Akwai rufewar baki iri biyu, kuma rashin bambanta su yana wahalar da mutane a banza. Akwai wadda take faruwa a tsakiyar magana, hoto biyu ko uku, wadda take nuna an furta baƙi na leɓe. Akwai kuma wadda take zuwa bayan magana ta ƙare, baki ya koma mazauninsa. Ta farkon ce take neman a biya ta da baƙin leɓe, ta biyun ba ta neman komai sai shiru, don haka ba dole ba ne kowace jimla ta ƙare da "m".

Ya kamata kuma a lura da irin zanen da aka samu, domin ba duka suke da tsanani ɗaya ba. Yawancin zanen hannu ana riƙe kowane zane tsawon hoto biyu ne, wato zane 12 a sakan na fim mai hoto 24, kuma da yawa daga cikin shirye-shiryen talabijin siffofin baki kaɗan suke juyawa. Wasu na Japan ma uku ne kawai, a rufe da rabi da a buɗe. A irin wannan, abin da ido yake kamawa shi ne yawan buɗewar baki da lokacin farawa da tsayawa, babu ruwansa da bambancin "o" da "a". Haka abin yake ga tsuntsu mai baki ko kwaɗo mai faɗin muƙamuƙi, irin kwaɗin da marigayi Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa ya yi aikinsa a can, ya zana a fim ɗinsa na 1966. Amma manyan finafinan da aka sassaƙa da kwamfuta, waɗanda ake ganin harshe da haƙora a cikinsu idan an matso da fuska, suna neman kulawa kamar ta fuskar mutum.

Awon magana da nauyin gaɓa

A nan ne Hausa take da hukuncinta wanda ba a samu a takardar Faransanci ba. Shawarar da aka saba ji ita ce a daidaita yawan gaɓoɓi, idan na asali bakwai ne a kawo bakwai. Wannan ba ya isa a Hausa, saboda gaɓoɓinmu ba tsawo ɗaya suke ba. Gaɓa mai baƙi da gajeren wasali, kamar "mu" ko "da", sassauƙa ce. Gaɓa mai dogon wasali, kamar "za" a cikin "za mu", ko wadda ta ƙare da baƙi, kamar "kar" a cikin "karye", mai nauyi ce, kuma tana cin lokaci fiye da ƴar'uwarta. Mawaƙan rubutacciyar waƙa da wannan bambanci suke gina karinsu, kuma shi ne mai rubutun fim zai ara. Matsalar ita ce rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, don haka ido yana ruɗin mutum. "Na gode" gaɓa uku ce a takarda, amma duka ukun masu nauyi ne, ta fi "a gida" tsawo nesa ba kusa ba, ko da yake ita ma gaɓa uku ce.

Hanyar ƙirga mai sauƙi ce: a ba sassauƙar gaɓa awo ɗaya, mai nauyi awo biyu, kuma a ƙirga da kunne ana furtawa a fili. Sai a gano hoto nawa awo ɗaya yake ci a bakin wanda zai yi muryar. A rubuta jimla biyu ko uku waɗanda aka ƙirga awonsu, a sa shi ya faɗe su da muryar da zai yi wa yaron cikin fim, a ɗauka a auna, a raba yawan hotuna da yawan awo. Ma'aunin da nake farawa da shi shi ne hoto uku ga awo ɗaya a fim mai hoto 25, wato kusan awo takwas a sakan, kuma ina sassauta shi idan fim ɗin na ƙananan yara ne sosai ko kuma mai maganar tsoho ne mai jan magana. Ma'aunin aiki ne kawai, amfaninsa shi ne ya gaya wa mutum tun yana kan tebur cewa layin nan ba zai shiga ba.

Misali daga farko har ƙarshe

A ɗauka ga ɗan akuya ya rugo wurin uwarsa bayan ruwan sama, yana gaya mata gadar da suke bi ta lalace, yana tambayar yadda za su koma gida. Takarda ta ba da ma'ana uku: kiran uwa, labarin gada, da tambaya. Ga abin da aka samu bayan an bi baki a kwafi mai hoto 25, inda lamba irin 12:17 take nufin sakan da lambar hoto, ta cikin baka kuma yawan hotuna:

```
00:03:12:05 - 12:17  (12)  R B R B
12:17 - 12:23        (6)   shiru
12:23 - 14:03        (30)  Z ... R[13:13] ... B
14:03 - 14:11        (8)   numfashi
14:11 - 15:21        (35)  baya har 15:10, R[15:14], W
```

Kashi na farko hoto 12 ne, leɓe ya haɗu sau biyu. A gidaje da yawa yaro "Inna" zai ce, kuma da a rediyo ne da ita zan zaɓa, amma babu inda leɓe yake haɗuwa a cikinta, ga shi kuwa an matso da fuskar ɗan akuyan. "Umma" tana da haɗuwa ɗaya a tsakiya, sai dai tana farawa da baki a buɗe alhali hoton a rufe ya fara. "Mama" ce ta hau daidai, kuma da yake kira ne, ana iya jan ƙarshenta har ta cika hotunan. Amma zaɓin nan yana da sharaɗi: abin da yaro ya kira uwarsa da shi a minti na uku shi zai kira ta da shi har fim ya ƙare, don haka kafin a yanke sai an duba sauran wuraren da kiran ya fito kusa da fuska.

Kashi na biyu hoto 30 ne, kusan awo goma. Fassarar da takarda take kaiwa gare ta ita ce "Duba, gadar ta karye!" Idan aka ƙirga, ta kai awo 13, wato ta zarce da kusan hoto tara. Ban da tsawo, "b" ɗinta ya faɗo a gaɓa ta biyu alhali hoton a tsakiya ya rufe baki, sannan ta ƙare da washe baki alhali ɗan akuyan ya wangale nasa. Rage kalma ba zai gyara wannan ba, sai an sake tambayar yadda yaro Bahaushe zai ba da labarin nan da kansa. Zai iya cewa "Ruwa ya tafi da gada!" Wannan awo 11 ne, ta fara da zumɓura a "ru", ta ƙare da buɗewa a "da", kuma magana ce ta yara sosai. Abin da ya rage shi ne rufewar tsakiya, kuma "f" na "tafi" ne kaɗai zai biya ta, shi ma ya makara da kusan hoto uku. Ga wadda ta fi: "Ruwa ya ɓalle gada!" Ita ma awo 11 ne, amma "ru-wa ya" awo biyar ne cif, don haka "ɓ" yana faɗowa kusan hoto 14 ko 15 bayan farawa, wato a kan 13:13 ko dab da shi. An bar "duba", kuma ba a yi hasarar komai ba tun da ɗan akuyan yana nuna wurin da ƙafarsa.

Kashi na uku hoto 35 ne, awo 11 zuwa 12. "Yaya za mu koma gida?" ta kai 14, kuma tana ƙarewa da buɗe baki inda ake son washewa. "Ta ina za mu bi?" ta ƙare daidai, "b" sannan "i", kuma da yake tambaya ce wasalin ƙarshe yana samun ja, amma awo tara kawai ta kai. Tun da ɗan akuyan ya ba da baya a farkon kashin, ana iya cika gurbin da kalmar da take da aiki: "Yanzu ta ina za mu bi?" Awo 12 ke nan, "bi" yana faɗowa a kusan 15:15, hoto ɗaya bayan rufewar. Akwai ƙarin "m" a "mu" wanda hoton bai tanada ba, amma yana zuwa ne lokacin da fuskar ta gama juyowa bakin yana tsukewa, kuma ido ya fi yafe ƙarin baƙin leɓe a cikin sauri bisa ga jin wasali yana fita daga rufaffen baki. Kalmar "gida" ta fita daga bakin yaron, sai a duba ko amsar uwar za ta ɗauke ta, misali ta ce za su zaga ta tudu su isa gida kafin magariba.

Bakin wa zai furta shi

Dalilin da ya sa ban amince da "tafi" ba ya wuce maganar hoto uku. Baƙaƙen da suke haɗa leɓe sosai a Hausa uku ne, "b" da "ɓ" da "m", kuma duk ukun suna biyan rufewar hoto ba tare da an damu da wanne ne a asali ba, domin ido ba ya bambanta su. Harafin "f" kuwa ya danganta da mai furtawa. A Hausar gabas da leɓuna biyu ake yin sa, wani lokaci har ya kusa zama rufewa, don haka yana iya tsayawa a gurbin. Amma Ba'adare daga Tawa, haka ma mutumin Kwanni ko Sakkwato, "tahi" yake cewa da "lahiya" da "kihi", waɗanda leɓe ba ya motsi a cikinsu ko kaɗan, kuma "hwara" da "hwaɗi" yake cewa, waɗanda zumɓura ce ba rufewa ba. Mai rubutu zai zauna a Yamai ya dogara da "f", ranar ɗauka mai murya ya zo da nasa harshen, rufewar da aka yi wa tanadi ta tashi babu mai biyan ta.

Haka sauran bambance-bambancen suke taɓa awo da siffar baki. "Muka" awo biyu ne, "munka" uku, haka "suka" da "sunka", "aka" da "anka", kuma a labarin da yaro yake jero abin da ya faru waɗannan ƙarin suna taruwa su kai hoto shida ko tara a jimla ɗaya. "Ni ne" tana ƙarewa da washe baki, "ni na" da buɗewa. Saboda haka sai an yanke shawarar irin Hausar da kowane ɗan zane zai yi kafin a fara rubutu, tare da sanin wanda zai yi muryarsa. A ganina babu laifi a bar kaka ko maharbi ya yi Adaranci sosai, yara su yi Hausar da ta fi kusa da ta littafin makaranta, musamman da yake a Yamai akwai yara masu kallo da yawa waɗanda Hausa ba ita ce harshen gidansu ba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a rubuta "tafi" a takarda a bar wa mai murya zaɓi. Idan "tahi" ake so a rubuta "tahi", a kuma auna layin da ita.

Cika gurbi da rage tsawo ba tare da an karya Hausa ba

Idan layi ya gaza, abin da mai murya yakan yi da kansa shi ne ya ja wasali, kuma a nan haɗari yake. Jan wasalin tsakiyar kalma yana iya sauya ta gaba ɗaya: "dafa" na girki ya koma "dafa" na ɗora hannu, "gari" na mutane ya nufi "gari" na tuwo. Wasalin da ake iya ja lafiya shi ne wanda dama dogo ne, sai ƙarshen kira da ƙarshen tambaya. Inda ake tsoron ruɗani, a ninka wasalin a takardar mai murya, a rubuta "daafa", tun da takardar aiki ce ba ta bugawa ba.

Hanya mafi aminci ita ce ƙananan kalmomin da Hausa take ƙawata magana da su, irin su "dai", "fa", "ma", "mana", "kam", "kuwa" da "ai". Suna ƙara awo biyu ko uku, wasunsu kuma suna kawo baƙin leɓe a inda ake nema. "Tsaya!" ba ta da rufewa, "Tsaya mana!" tana da ita a gaɓa ta uku. "Ni kam" tana rufe baki a ƙarshe. Sai dai kowace tana da ma'anarta: "mana" tana ɗauke da ƙosawa ko roƙo, "fa" gargaɗi, "kam" tabbatarwa, kuma yaron da ya ce wa kakansa "Zo mana!" a wurin da babu wasa tsakaninsu ya yi rashin kunya ko da leɓe ya hau. Idan kuma suka yi yawa, duk ƴan fim sai su koma magana iri ɗaya. Kalmomin amsa-kama ma suna taimakawa, kuma yara suna son su: "Ya faɗa ruwa tsundum!" ta cika lokaci, ta rufe baki, ta kuma ƙara wa hoton armashi.

Idan layi ya yi tsawo, abin da ake fara cirewa shi ne abin da hoto ya riga ya nuna, sai sunan da aka maimaita, sai a nemi kalma mai sassauƙan gaɓoɓi a madadin mai nauyi. Abin da ba a taɓawa shi ne ƙashin jimlar. Ba a jefar da "ya" ko "ta" ko "suna" don a sami wuri, ba a kuma juya tsarin kalmomi zuwa yadda Bahaushe ba ya faɗa don "b" ya faɗo a kan rufewa. Yara da kunne suke ɗaukar harshe, kuma abin da suka ji a fim shi za su maimaita a tsakar gida. Duk inda aka rasa yadda za a haɗa biyun, a fim ɗin yara Hausa mai kyau ce take gaba, sai daidaiton farawa da tsayawa, sannan rufewar leɓe, siffar wasali kuma ita ce ta ƙarshe.

Gaisuwa tana da tata wahalar, domin inda asali ya yi gaɓa biyu ya wuce, Bahaushe yana son ya tambayi kwana da gajiya. Idan hoton ya fara da rufewa, "Barka" ta fi "Sannu" hawa, kuma idan aka koma kan fuskar wanda ake gaisarwa ana iya ƙarasa "da asuba, Kaka" a bayan fage, muddin ba a hau kan amsarsa ba. Dariya da haki da ajiyar zuciya su ma a rubuta su da lokacinsu, a kuma ba su nasu na Hausa, "Wayyo" ko "Kash" ko "Af", gwargwadon yadda bakin ya buɗe.

Gwaji kafin situdiyo da kuma a cikinta

Kafin a kira masu murya, mai rubutu ya faɗi kowane layi da bakinsa a kan hoton, da ƙarfin murya da saurin da yanayin yake nema, ba cikin raɗa ba. Ya ɗauki kansa ko da a waya ne, sannan ya yi gwaji biyu. Na farko ya kalli baki kawai. Na biyu ya juya wa hoton baya ya saurara, ya tambayi kansa ko haka mutum yake magana. Layin da ya ci gwajin ido ya faɗi na kunne sai an sake shi. Yana da amfani a tanadi layi na biyu ga duk wurin da aka matso da fuska, ɗaya ɗan gajere ɗaya ɗan dogo, domin kada a tsayar da situdiyo ana neman kalma.

A wurin ɗauka ana yanka fim gunduwa-gunduwa, kowace ƙasa da minti ɗaya, mai murya ya kalla, ya gwada, sannan a ɗauka, kuma ana sa masa ƙara uku a kunne kafin shigarsa domin ya faɗo a kan bugu na huɗu. Wajen dacewa, ido ya fi haƙuri da sautin da ya makara bisa ga wanda ya riga baki. Ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya mai lamba BT.1359 ya nuna mai kallo yana fara lura idan sauti ya riga hoto da kashi 45 cikin dubu na sakan, ko ya makara da kashi 125. Tun da hoto ɗaya kashi 40 ne a fim mai 25, wannan yana nufin kusan hoto ɗaya a gaba, uku a baya. Don haka idan za a kuskure, gara murya ta shigo bayan baki ya buɗe da hoto ɗaya.

Idan aka kalli abin da aka haɗa aka ga bai zauna ba, yanayin kuskuren yana nuna inda ya fito. Idan duk layukan sun makara ko sun riga da adadi ɗaya, matsalar ta wajen haɗa sauti ce, sai a matsar da muryar gaba ɗaya. Idan farkon fim daidai ne amma tazarar tana ƙaruwa yayin da ake tafiya, an haɗa kwafin 24 da na 25 ne. Idan layi ya fara daidai ya ƙare a makare, ko mai murya yana haɗiye ƙarshen kalmomi, rubutun ne ya yi nauyi, a koma a ƙirga awo. Idan kuwa farko da ƙarshe sun dace amma tsakiya tana rawa, galibi numfashin ne ba a sa shi inda hoton ya tsaya ba, sai a sake raba jimlar ta yadda tsayawar za ta faɗo a kan gaɓar ma'ana, ba tsakanin "za" da "mu" ba. Mai haɗa sauti yana iya ja ko matse layi kaɗan da manhaja, amma idan abin da ake nema ya kai kashi ɗaya cikin goma na tsawon layin, muryar takan fara sauya kama, kuma sake rubuta layin ya fi sauƙi.

Gwaji na ƙarshe na yara ne. A nuna wa yara uku ko huɗu masu shekarun da aka yi fim ɗin dominsu wani yanki na minti biyar, a kan waya ko ƙaramar talabijin irin wadda za su kalla a gida, ba da abin kunne na situdiyo ba, sannan a ce su ba da labarin abin da ya faru. Ba za su ce leɓe bai hau ba, amma duk inda suka tambaya "Me ya ce?" a rubuta lambar agogon wurin, a koma a rage awon layin ko a sauya kalmar da ta fi ƙarfinsu, a sake ɗaukar wannan gunduwar kaɗai.